Cc ko Bcc: Wa Ya Kamata Ya Ga Adireshin Wa a Saƙon Imel?

A ranar 20 ga Satumba, 2021, wata guda da 'yan kwanaki bayan Taliban ta karɓe birnin Kabul, wani sashe na Ma'aikatar Tsaron Birtaniya ya aika imel ga 'yan Afghanistan da suka yi wa Birtaniya aiki, waɗanda ke jiran a kwashe su daga ƙasar. Wanda ya aika saƙon ya jera adireshin mutanen a layin To, saboda haka kowa ya ga na kowa. Mutum 245 abin ya shafa, kuma 55 daga cikinsu har da ɗan hoton da suka liƙa a asusun imel ɗinsu ya bayyana. Biyu daga cikinsu suka ba da amsa ta hanyar danna Reply all, ɗaya ma ya faɗi wurin da yake. Mutane ne da ke ɓuya don tsira da rayukansu. A watan Disamba na 2023 hukumar kare bayanan jama'a ta Birtaniya, wato ICO, ta ci ma'aikatar tarar fam 350,000.

Babu wanda ya yi kutse, babu na'urar da ta lalace. Ma'aikaci ne ya zuba adireshi a layin da bai dace ba, irin abin da sakataren ƙungiya ko akantan makaranta zai iya yi kowace safiya a Kano ko Maraɗi. Ba kullum ne rai ke cikin haɗari ba, amma mutunci da amana kullum suna ciki.

Layuka uku ne a saman kowane imel da ake saka adireshin masu karɓa. Layin To na wanda ake magana da shi ne, wanda ake jiran amsarsa ko aikinsa. Layin Cc na wanda ake son ya san da maganar ne kawai, ba a jiran komai daga gare shi. Duk wanda ya taɓa ganin wasiƙar ofishin gwamnati ya san asalin wannan: a ƙasan wasiƙa a kan jera waɗanda aka ba kwafi, tun zamanin tafireta da takardar kabon. Waɗanda ke To da waɗanda ke Cc duk suna ganin juna. Layi na uku, Bcc, shi ma kwafi ne, sai dai ba wanda ke ganin sunan wanda aka saka a can, kuma su kansu 'yan Bcc ba sa ganin junansu.

A waya ba a cika ganin layukan Cc da Bcc ba sai an buɗe su, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa mutane ke zuba kowa a To. A manhajar Gmail akwai 'yar kibiya a ƙarshen layin To, idan aka taɓa ta sai layukan biyu su sauko. A Outlook na kwamfuta kuwa, ana shiga Options a danna Bcc.

Yadda Bcc ke ɓoye mutum

Imel yana tafiya ne kamar wasiƙa cikin ambulan. Akwai abin da aka rubuta a jikin takardar, akwai kuma adireshin da ke bayan ambulan, wanda shi ɗan aike ke dubawa. Layukan To da Cc a jikin takardar suke, shi ya sa duk wanda ya karɓa yake karanta su. Manyan kwamfutocin da ke jigilar saƙo ba da waɗannan layuka suke aiki ba, suna da jerin adireshi na daban da manhajarka ta miƙa musu lokacin aikawa. Idan ka saka mutum a Bcc, adireshinsa yana shiga wancan jerin na jigila, amma a cire shi daga takardar da za ta isa hannun sauran mutane.

Abu biyu ke biyo bayan wannan. Na farko, idan wanda ke To ko Cc ya danna Reply all, amsarsa ba za ta isa ga 'yan Bcc ba, domin wayarsa ba ta ma san da su ba. Na biyu, kuma shi ne wanda mutane ke mantawa, wanda aka saka a Bcc yana ganin duk waɗanda ke To da Cc. Idan shi ya danna Reply all, amsarsa za ta je musu gaba ɗaya, su gane cewa ashe yana laɓe yana sauraro. Ɓoyon na gefe ɗaya ne, kuma yana ɗorewa ne muddin wanda aka ɓoye ya kame hannunsa.

Akantan makaranta da iyayen yara

A ɗauki misalin wata makarantar kuɗi. Akanta yana da saƙo biyu da zai aika kafin a koma hutu. Na farko sanarwa ce ga dukkan iyaye, a ce su 300, game da ranar komawa. Na biyu tuni ne ga iyaye 60 da ake bi bashin kuɗin zangon da ya wuce.

Idan ya zuba iyaye 300 a Cc, ya raba wa kowane uba da kowace uwa adireshin mutum 299 da ba su ba shi izinin rabawa ba. Iyaye sun ba makaranta adireshinsu ne domin harkar karatun 'ya'yansu. A cikin 300 ba a rasa mai sayar da atamfa da zai kwashe jerin ya fara turo talla, ba a rasa wanda zai ga adireshin matar wani ya fara aika mata gaisuwa. Da yawa daga cikin adireshin suna ɗauke da cikakken suna, wasu har da shekarar haihuwa, na ma'aikata kuwa bayan alamar @ sunan wurin aikinsu ne. Ga kuma hayaniya: idan iyaye 10 kacal suka danna Reply all suka rubuta "Allah ya kai mu," saƙo 3,000 ke nan ya faɗa akwatunan mutane ba gaira ba dalili.

Wannan shi ne wurin da Bcc ya dace. Akanta ya saka adireshinsa, ko na ofishin makaranta, a layin To, sa'annan ya zuba iyaye a Bcc:

```
From: akanta@example.com
To: akanta@example.com
Bcc: uba1@example.com, uwa2@example.net, uba3@example.org
Subject: Ranar komawa makaranta
```

Kowane uba zai ga saƙo daga akanta zuwa akanta, ba sunan wani uban a ciki. Idan ya amsa, ko da Reply all ya danna, ofishin makaranta kaɗai amsar za ta je. Saka adireshin kai a To yana da amfani biyu: mai aikawa yana samun kwafi a akwatinsa ya ga yadda saƙon ya fito, kuma layin bai zauna fanko ba, don wasu manhajoji kan rubuta undisclosed-recipients a wurin, abin da kan sa mai karɓa ya zaci saƙon 'yan damfara ne. Yana da kyau kuma a buɗe saƙon da "Zuwa ga dukkan iyayen yara," domin wanda bai ga sunansa a sama ba ya san dalilin da ya sa abin ya iso gare shi.

Akwai iyaka kan yawan mutane. Asusun Gmail na kyauta ba ya barin a wuce masu karɓa 500 a saƙo ɗaya ko saƙo 500 a rana, kuma wanda ya wuce ana iya tsayar masa da aikawa har tsawon kwana guda. Iyaye 300 sun shiga, amma makarantar da ke da 800 sai ta nemi wata hanya. Ban da haka, saƙon da ya fito daga asusun mutum ɗaya zuwa ɗaruruwan adireshi a ɓoye ya yi kama da na masu tallan dole, don haka wasu kwafin kan zarce Spam. Alamar ita ce iyaye su ce ba su ga komai ba alhali saƙon yana nan a Sent, kuma bai dawo ba.

Saƙo na biyu, na masu bashi, shi ne mai nauyi. A nan jerin sunayen shi kansa shi ne sirrin. Ko da akanta bai rubuta adadin bashin kowa ba, duk wanda sunansa ya fito a layin Cc an san ana bin sa. Magidanci da ke fama da rufin asirinsa sai ya wayi gari mutum 59 sun san halin da yake ciki, wataƙila har da surukinsa ko abokin kasuwancinsa. Irin wannan ne ya faru a Landan a watan Satumba na 2015, lokacin da asibitin 56 Dean Street ya aika wasiƙar labarai ga masu hulɗa da sashensa na cuta mai karya garkuwar jiki. Adireshi 781 aka saka a To maimakon Bcc, 730 daga ciki suna ɗauke da cikakken sunan masu su. Ba a buƙatar karanta wasiƙar kafin a yi wa mutum zargi, ganin sunansa a jerin ya isa. An ci hukumar asibitin tarar fam 180,000 a 2016.

To, sai a ce akanta ya yi amfani da Bcc a nan ma? A ganina a'a. Bcc yana aiki daidai, matsalar ita ce tsakanin layin da ke rufa asiri da layin da ke tona shi bai fi faɗin yatsa ba, kuma babu abin da zai yi wa mutum gargaɗi idan ya liƙa jerin a inda bai dace ba. Hukumar ICO kanta ta fito a 2023 ta ja kunnen ma'aikatu cewa kada su dogara da Bcc idan bayanin mai nauyi ne, su nemi wata hanya. Hanyar ita ce kowa ya samu saƙonsa shi kaɗai.

Idan mutanen ba su da yawa, a aika ɗaya bayan ɗaya. Idan sun kai 60, akwai abin da ake kira Mail Merge. Akanta zai shirya jadawali a Excel mai ginshiƙi uku: suna, adireshin imel, da adadin bashi. Sai ya rubuta wasiƙa ɗaya a Word, ya shiga Mailings, ya zaɓi Start Mail Merge, sa'annan E-mail Messages, ya haɗa ta da jadawalin, ya nuna gurbin suna da gurbin kuɗi. Da ya danna Finish & Merge, Outlook zai fitar da saƙo 60 daban-daban, kowanne da adireshi ɗaya tak a layin To. Babu wani jeri da zai fallasa, domin babu jeri a cikin saƙon. Abin lura a nan shi ne jadawalin: idan aka tsara ginshiƙin sunaye bisa haruffa aka bar na adireshi yadda yake, bashin wani zai tafi ga wani. Kafin aikawa a danna Preview Results a duba biyar ko shida da ido, na farko da na tsakiya da na ƙarshe.

Masu amfani da WhatsApp sun riga sun san wannan bambanci ko da ba su taɓa lura ba. A guruf kowa yana ganin lambar kowa, kuma kowa na jin amsar kowa. A Broadcast list kuwa, saƙo yana isa ga kowane mutum shi kaɗai, amsarsa kuma ga mai aikawa kaɗai take dawowa. Ɗan kasuwar da ya tara kwastomominsa a guruf ba da izininsu ba, laifinsu ɗaya da wanda ya zuba su a Cc.

Tsakanin abokan aiki

A cikin ofis lamarin ya juya. Abokan aiki sun san juna, suna da adireshin juna, kuma galibi ana so su ga amsar juna. A nan Cc ne mai gaskiya, Bcc kuma abin tuhuma.

A koma makarantar nan. Akanta yana son shugaban makaranta ya amince da biyan kuɗin gyaran janareta, kuma ƙa'ida ce mai makaranta ya san duk kuɗin da ke fita. Shugaban makaranta a To, mai makaranta a Cc. Kowa ya san matsayinsa: ɗaya zai amsa, ɗaya zai gani. Inda ake samun cikas shi ne a jera mutum biyar a To a ce "a duba a ɗauki mataki." Kowane ɗaya zai zaci ɗan'uwansa zai yi, mako ya wuce ba a yi komai ba. Idan dole ne mutum biyu su yi aiki, a saka su biyun a To, a kuma kira sunan kowa a cikin saƙon tare da abin da ake so ya yi.

Ana kuma amfani da Cc a matsayin bulala. Ka tambayi abokin aikinka wata takarda jiya, yau ka sake tambaya amma ka saka oga a Cc. Shi ya fahimci abin da kake nufi, oga ma ya fahimta: ƙara ka kai. Wani lokaci hakan ya zama dole, idan an yi tuni har sau biyu ba amsa kuma aiki yana tsaye. Amma kai ƙara tun a saƙon farko yana ɓata tsakani, kuma ogan da ake saka wa Cc a kowane abu yakan daina karantawa, ranar da za a buƙace shi da gaske ba zai gani ba. Idan za ka ƙara wani a tsakiyar magana, ka faɗa a fili: "Na saka Shugaba a Cc saboda kuɗin sun wuce abin da zan iya amincewa da shi." Ka kuma gangara ƙasa ka karanta tsofaffin saƙonnin da ke manne, domin sabon shigowa zai ga duk abin da aka faɗa a baya, har da wanda aka faɗa a kansa.

Saka oga a Bcc kuwa alhali kana rubuta wa abokin aiki, wannan laɓe ne, kuma ba ya daɗewa bai tonu ba. Oga yana karantawa a waya cikin sauri, bai lura ta Bcc saƙon ya zo masa ba, sai ya danna Reply all ya rubuta "Na gani, a yi gaggawa." Shi ke nan, abokin aikinka ya san ka yi masa tarko, kuma daga ranar ba zai ƙara sakin jiki da wani saƙo naka ba. Idan lallai kana son oga ya gani ba tare da ya shiga maganar ba, ka aika saƙonka tukuna, sa'annan ka je Sent ka yi masa Forward da layi ɗaya na bayani. Ko ya amsa, kai kaɗai za ka samu.

Akwai wuri ɗaya da Bcc ke da kyau tsakanin abokan aiki, shi ma don a fili ake yin sa. Wata ta haɗa ka da wani ta imel domin ku yi aiki tare. A amsarka sai ka mayar da ita Bcc, ka rubuta: "Hajiya, na gode da haɗawar, na mayar da ke Bcc don kada mu cika miki akwati." Za ta ga godiyarka, ta san kun haɗu, sauran saƙonnin da za ku yi ta musaya kuma ba za su dame ta ba.

Idan kwastoma na cikin magana, a ƙara hattara. Ba laifi ka saka abokin aikinka a Cc a saƙon da ka aika wa kwastoma ɗaya, ka ce wane ne shi. Amma kwastomomi biyu da ba su san juna ba, ko 'yan kwangila uku da ake neman farashi daga gare su, kada su haɗu a saƙo ɗaya. Ɗan kwangilar da ya ga sunayen abokan takararsa zai iya ɗaga waya ya kira su su daidaita farashi.

Idan aikin gama ya gama

Magana zarar bunu ce, imel ma haka. Maɓallin Undo da Gmail ke nunawa ba dawo da saƙo yake yi ba, riƙe shi yake yi na 'yan daƙiƙoƙi kafin ya tafi. Daƙiƙa 5 yake zuwa da su, amma a Settings, ƙarƙashin Undo Send, ana iya mayar da shi 10, 20 ko 30. Mai aika wa jama'a saƙo ya mayar da nasa 30 tun yau. Shi kuwa Recall na Outlook yana aiki ne tsakanin ma'aikatan ma'aikata ɗaya da ke kan tsarin Microsoft ɗaya, ba ya iya ciro saƙon da ya riga ya shiga Gmail ko Yahoo na wani.

Saƙon gyara shi ne mafi haɗari, domin cikin ruɗewa ake rubuta shi. A watan Fabrairu na 2017, wani ma'aikaci a kwamitin binciken cin zarafin yara na Ingila da Wales, IICSA, ya aika sanarwa ga mutum 90 ta Bcc, yadda ya kamata. Sai ya ga kuskure a rubutun, ya sake aika gyara, a wannan karon adireshin suka faɗa To. Mutanen kuwa akwai yiwuwar suna cikin waɗanda aka ci zarafinsu suna yara. Kwamitin ya bi da saƙonnin roƙon a goge, ɗaya daga cikinsu ya jawo amsoshin Reply all har 39. Tarar fam 200,000 aka ci su a 2018.

Don haka wanda ya yi irin wannan kuskure kada ya danna Reply all don ba da haƙuri, yin hakan sake raba jerin ne karo na biyu. Ya buɗe sabon saƙo, ya saka kansa a To, mutanen a Bcc, ya faɗi abin da ya faru a taƙaice, ya roƙi a goge na farkon kuma kada a amsa shi. Ya sanar da shugabansa nan take, kada ya jira sai wani uba ya zo ofis da fushi. A Najeriya akwai kuma doka: Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta wa ma'aikata ko kamfani sanar da hukumar NDPC cikin awa 72 da gano fallasar bayanan da ka iya cutar da masu su. Jerin masu bashi ko na marasa lafiya ba abin da za a yi shiru a kansa ba ne.

Wata 'yar dabara tana rage yawan irin wannan ɓarna: a bar layukan adireshi sai ƙarshe. A rubuta saƙo, a manna takardar da za a manna, a karanta, sa'annan a buɗe layin Bcc a liƙa jerin, a ɗaga ido a tabbata To ba ya ɗauke da kowa sai kai. Idan mutanen sun haura 20, ko maganar ta shafi kuɗi, lafiya ko shari'a, ka kira wanda ke kusa da kai a ofis ya duba layukan nan uku kafin ka danna Send.